Ba aljani ba ne ya shafe maka karatu

Jadawalin jarrabawa ya fito, don haka bari in amayar da maganar da ta daɗe tana ci na, ko da wasu za su ji haushi. Rubutun da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya samu sukuni.

Shekaranjiya bayan Isha'i na bi ta gefen azuzuwa, sai ga 'yan tidibi sun fara hallara. Ga filas na ruwan zafi, ga kofi, ga maganin sauro, wani har da darduma da filo. Za a kwana a aji ana karatu har gari ya waye. Kuma na san abin da zai biyo baya, domin duk zango haka ake yi. Nan da mako biyu za ka ga ɗaya daga cikinsu ya fito daga ɗakin jarrabawa ido jajur yana cewa, "Wallahi na karanta, komai ne kawai ya ɓace mini." Sai abokinsa ya ce ai ba banza ba, a nemi tofi. Wata kuma ta ce baki ne, tun da aka fara yabon ƙoƙarinta a gida abin ya lalace.

Ba na musun cewa akwai baki, akwai hassada, kuma ba ni ne zan hana kowa addu'a ba. Amma kafin mu ɗora wa aljani laifi, a tambaye mu yadda muka yi karatun. Ni dai abin ya faru da ni, kuma da na bincika, babu hannun kowa a ciki sai nawa.

A zangon farko na digiri na biyu ne, kwas ɗin Hanyoyin Bincike. Ina aiki a Garki da rana, in kamo motar Gwagwalada da yamma, in iso gida a gajiye, saboda haka na tara karatun sai kwana huɗu na ƙarshe. Handawut ɗin shafi sittin da wani abu ne. Na karanta shi sau biyar, na bi shi da alƙalami mai launi har shafin ya koma kamar atamfa. Daren jarrabawa ban runtsa ba. Da safe na shiga da ƙarfin gwiwata, domin duk shafin da na buɗe sai in ji na san shi.

Tambaya ta biyu ta ce: al'ummar da za ka bincika mutum 2,000 ne, ka fitar da adadin waɗanda za ka raba wa takardar tambayoyi da ƙa'idar Taro Yamane, sannan ka bayyana raunin ƙa'idar. Duk wanda ya taɓa rubuta furojet a Najeriya ya san wannan ƙa'ida. Ni ma na san ta. Ina ganin shafin a idona, a ɓangaren dama take, can ƙasa, na ma zagaye ta da kore. Amma abin da ke cikin da'irar ya ƙi zuwa. Tafin hannuna ya jiƙe har biro na zamewa, takardar amsa ta yi laushi a inda na ɗora hannu. Ina jin bugun zuciyata a kunne. Na koma tambaya ta ɗaya, wadda da na shigo na san amsarta, ita ma ta gudu. Na fi minti ashirin ina kallon fanka. Na ci 44, alhali a digiri na biyu, a galibin jami'o'inmu, abin da bai kai 50 ba faɗuwa ce.

To me ya faru? Abu biyu ne suka haɗu, kuma mu na farkon kawai muke gani.

Na farko shi ne na jiki. Idan mutum ya hango barazana, ko kare ne ya taso masa ko takardar tambaya ce, jiki ba ya bambancewa sosai. Jijiyoyin da ke shirya mutum don gudu ko faɗa su ne ke karɓe ragama. Sinadarin adirenalin ya zuba cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, baki ya bushe, ciki ya juya. Gumin tafin hannu ma daga nan yake. Tafin hannu da tafin ƙafa suna cike da ƙofofin gumi, kuma nasu ya fi amsa kiran fargaba a kan kiran zafi. Shi ya sa za ka sha ranar Gwagwalada a watan Maris, riga ta jiƙe sharkaf amma tafin hannu a bushe, sannan ka zauna jarrabawa cikin sanyin hunturu hannu na ɗiga. Gumin nan ba alamar ba ka da ƙwaƙwalwa ba ne, alama ce kawai ta cewa jikinka ya ɗauki abin da muhimmanci.

Bayan adirenalin sai wani sinadarin mai suna kotisol ya biyo baya a hankali, yakan kai ƙololuwarsa kamar minti ashirin zuwa talatin bayan fargabar ta fara. Shi wannan yana tsananta wa ƙwaƙwalwa wajen ɗauko abin da aka ajiye. Lura da kyau, ba ya goge ajiyar, hanyar zuwa gare ta yake toshewa. Wannan ne dalilin da ya sa kana fitowa, kana tsaye a bakin titin Giri kana jiran mota, sai amsar ta faɗo maka daram. Da an shafe ta ai ba za ta dawo ba. Sannan ga wani cikas ɗin: wurin da mutum yake riƙe abu a ransa yana sarrafa shi ɗan ƙarami ne, abu kamar huɗu yake ɗauka a lokaci guda. Idan "zan faɗi", "kuɗin makaranta", "me Baba zai ce" da "wancan har ya karɓi ƙarin takarda" suka zauna, ina tambayar za ta samu kujera?

Duk wannan gaskiya ne. Amma in a nan na tsaya, na ba ku uzuri ne kawai, ban gaya muku abin da ya fi ɗaci ba.

Abu na biyu shi ne, yawancin abin da muke cewa ya ɓace a ɗakin jarrabawa, tun asali ba mu taɓa iya fito da shi ba. Gane abu daban, tuno shi daban. Ka san fuskar mai gadin ƙofar makaranta, ko a kasuwar Wuse ka gan shi za ka gane shi, amma a ba ka takarda a ce siffanta shi, sai ka tsaya inda-inda. Maimaita karanta handawut sabo yake koya maka da shafin. Sau na biyar idonka na sulalewa a kan layukan babu tuntuɓe, sai ka ɗauka wannan sulɓin shi ne sani. Ita kuwa jarrabawa ba ta taɓa tambayarka ko ka gane shafi. Farar takarda take miƙo maka ta ce zuba. Ni kwana huɗu na yi ina atisayen ganewa, ban yi atisayen zubawa ko na minti ɗaya ba. Karo na farko a rayuwata da na nemi in rubuta ƙa'idar Yamane ba tare da ina kallonta ba, shi ne a cikin ɗakin jarrabawa, hannu na rawa.

Kar ku ce ra'ayina ne. A shekarar 2006 wasu masana biyu a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai wani ɗan gajeren rubutu. Wani rukuni ya yi zama huɗu yana karantawa. Wani rukunin ya yi zama ɗaya na karatu, sauran zama ukun aka karɓe rubutun aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, kashi 83 cikin ɗari, su kuma masu rubutawa da ka kashi 71. Da aka gwada bayan mako guda sai labari ya juye: masu maimaitawa suka faɗo zuwa kashi 40, masu rubutawa da ka suna kan 61. Abin da ya fi ba ni tsoro a binciken shi ne, da aka tambaye su tun farko yadda suke ganin za su tuna, masu maimaita karatun ne suka fi kowa yarda da kansu. Wato hanyar da ta fi sa ka ji ka iya ita ce ta fi yaudararka. Ɗan tidibi yana auna kansa da ma'aunin minti biyar, shi ya sa yake fitowa daga aji da asuba yana murmushi.

Wani zai ce to wannan maganar mantuwa ce, ina ruwanta da fargaba? Akwai ruwanta. A 2016 Amy Smith da abokan aikinta a Jami'ar Tufts sun ba mutum 120 kalmomi 30 da hotuna 30 su koya, rabi ta maimaita dubawa, rabi ta gwada tunowa. Washegari aka ɗauki rabin kowane rukuni aka tayar musu da hankali da gangan, aka sa su yin jawabi ba shiri da lissafi a gaban alƙalai da kyamara, sannan aka gwada su. Masu maimaita dubawa da aka firgita sun yi ƙasa. Masu gwada tunowa kuwa, firgitar ba ta rage musu wani abin a zo a gani ba. Hanyar da aka saba bi, ko da duhu ana bin ta.

Akwai kuma wanda ya fi wannan zafi. A 2022 Maria Theobald da abokan aikinta sun bibiyi ɗaliban likitanci 309 a Jamus da ke shirin babbar jarrabawarsu. Masu yawan fargaba sun fi samun ƙarancin maki, wannan ba sabon labari ba ne. Amma da aka duba jarrabawar gwaji da suka yi kafin ranar, inda babu abin da za su rasa, sai aka ga a can ma haka makinsu yake. Ma'ana giɓin ya riga ranar jarrabawa. Tsoro yana yin ɓarnarsa tun a teburin karatu: shi ke sa ka guji babin da ke ba ka wuya, ka koma wanda ka iya don ka ji sanyi, ka ƙi gwada kanka don kar ka ga abin da ba ka son gani.

Abin da ke ba ni haushi da mu 'yan Arewa shi ne, wannan abin da Turawa suka shiga ɗakin bincike suka tabbatar, mu da shi aka yaye mu. Wa ya taɓa zuwa gaban malam a Islamiyya ya ce, "Malam na duba shafin sau goma," aka ce masa wuce? Rufe Alƙur'ani za ka yi ka kawo hadda. In ka kakare a ɗago ka da kalma ɗaya, in ka sake kakarewa ka koma ka gyara. Gobe kafin a ƙara maka sai ka kawo ta jiya. Ga muraja'a, ana komawa baya ana zagayowa don kar tsohuwar ta zube. A makarantar allo ba a wanke allo sai karatun ya zauna a ka. Dubi 'yan musabaƙa: yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ga alƙalai, ga lasifika, ga jama'a, a ja mata baƙi daga tsakiyar sura ta ɗora. Kuna tsammanin tafin hannunta ba ya gumi? Yana yi mana. Sai dai ta bi hanyar nan sau ɗari littafi a rufe, a gaban mutane. Mu kuma da muka shigo jami'a sai muka yar da wannan duka, muka ɗauki alƙalami mai launi, wai mun waye.

Kar a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake a haddace handawut kalma da kalma ba, wannan ma wata musibar ce, malami na juya tambaya ka zauna. Abin da za mu aro daga Islamiyya tsarin ne: rufe littafi, kawo da ka, a gyara maka, ka sake zagayowa bayan kwanaki. Abin da za ka kawo kuwa ma'ana ce da bakinka.

Ga yadda na yi da na maimaita kwas ɗin, kuma shi nake yi har yau. Na fara saura mako uku. Na raba handawut ɗin zuwa batutuwa goma sha biyu. In ɗauki batu ɗaya, misali hanyoyin zaɓen samfuri, in karanta shi a natse sau ɗaya, kamar minti ashirin da biyar. Sai in rufe, in tura shi ƙarƙashin katifa don kar ido ya yi sata, in ɗauki farar takarda in rubuta duk abin da na tuna cikin minti goma. Sannan in buɗe in gwama da jan biro. Ranar farko, cikin muhimman abubuwa goma sha ɗaya, huɗu na kawo. Huɗu! Batun da na karanta minti goma da suka wuce. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma a nan ne yawancin mutane suke watsar da hanyar su koma maimaita karatu, domin shi ba ya kunyata kowa. Amma gara jan biron ya zama naka a ɗakinka.

Bakwai ɗin da suka zube su kaɗai na sake dubawa. Washegari, kafin in taɓa sabon batu, na sake zuba na jiya a farar takarda ba tare da na leƙa ba, na kawo bakwai. Na bar shi kwana uku, na kawo takwas. Bayan mako guda, goma. Tazarar nan da gangan ce. Sai abu ya fara dusashewa, ka yi ɗan gumi kafin ka kamo shi, sannan kamun yake ƙara masa ƙarfi. In yana zuwa a sauƙaƙe, ka matso da bitar kusa da yawa, ƙara tazara. In ko kaɗan ba ya zuwa, ka yi nisa, ko kuma tun farko ba ka fahimce shi ba, ka koma wurin wanda ya iya ya warware maka. Farar takarda ba ta koyar da abin da ba a gane ba, tana dai tona shi. Cunkoson hanyar filin jirgi ma ya yi mini rana: ina rubuta tambayoyi a ƙananan takardu, amsa a baya, ina amsawa a zuci a cikin mota.

Ita kuwa ƙa'idar da ta kunyata ni, ga ta:

```
n = N / (1 + N × e²)
```

Ban tsaya kallonta ba. Na yi ta aiki da ita da alƙaluma daban-daban har hannuna ya saba. Mutum 2,000, kuskuren da aka yarda da shi 0.05. Ka ninka 0.05 da kansa, 0.0025. Sau 2,000, biyar. Ƙara ɗaya, shida. Raba 2,000 gida shida, 333 da 'yan kai, a cike shi zuwa 334 tunda ba a raba mutum. Sannan na tilasta wa kaina bayyana da baki me ya sa in ka rage kuskuren adadin yake ƙaruwa, da kuma me ya sa ƙa'idar ba ta da amfani in ba ka san yawan al'ummar ba. Wanda ya san dalili, ko ya manta inda baka take, zai iya sake gina ta.

A mako na ƙarshe mu huɗu muka riƙa haɗuwa a wani aji da babu kowa, ƙarfe tara na safe, daidai lokacin da za a yi ta gaske. Tsofaffin tambayoyi, agogo a kan tebur, waya a jaka, ba magana, awa biyu cur, sannan mu yi musayar takardu mu duba wa juna ba sani ba sabo. Ranar farko hannuna ya yi gumi kamar da gaske, kuma abin da nake nema ke nan. Ina so jikina ya koyi cewa ana iya rubutu zuciya na bugawa.

Barci kuma, a nan ne ni da 'yan tidibi ba za mu taɓa shiryawa ba. A cikin barci ƙwaƙwalwa take daddale abin da aka koya da rana. Wani bincike da aka buga a 2019 kan ɗaliban wani ajin kimiyyar sinadarai a jami'ar MIT, waɗanda aka ɗaura wa agogon auna barci tsawon zango, ya nuna cewa ba barcin daren jarrabawa ne ya tafi da maki ba, barcin mako da watan da suka gabata ne. Don haka wanda ya yi sati biyu yana kwanan aji, ya ce zai rama a daren ƙarshe, ya makara, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kofi da goro da lemon ƙara kuzari. Sinadarin da ke cikinsu yakan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, kuma abin da yake haifarwa shi ne bugun zuciya, rawar hannu da gumi. Wato ka sayi alamomin fargaba da kuɗinka ka shiga da su ɗakin jarrabawa. Masu haɗawa da tiramadol kuwa, ku ji tsoron Allah, ƙwayar nan tana iya jefa mutum cikin farfaɗiya.

In duk da haka kan ya ɗauke a ciki, kuma yana iya ɗaukewa, ajiye biro. Goge hannu da hankici. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida ko takwas, kamar sau biyar. Fitar da numfashi mai tsawo yana rage gudun zuciya, kuma duka bai fi minti ɗaya ba. Kar ka tsaya kokawa da tambayar da ta ƙi, tsallake zuwa wadda ta fi sauƙi ka fara rubuta ko da abu ɗaya ne da ka tabbatar, domin tunani yana jan ɗan'uwansa. Sannan don Allah ku daina tsayawa a bakin ƙofa ana "ka karanta kaza?" Minti ashirin kafin shiga ne fa, lissafa da kanka lokacin da kotisol ɗin zai kai ƙololuwa.

Akwai waɗanda nasu ya wuce wannan, kuma ba da su nake faɗa ba. In kina amai duk safiyar jarrabawa, ko numfashi na sarƙewa har ki ji kamar mutuwa za ki yi, ko kin yi makonni barci ya ƙaurace, ko kin taɓa ƙin shiga jarrabawar da kika shirya mata, wannan ba ragwanci ba ne, kuma farar takarda kaɗai ba za ta isa ba. Je ki asibitin makaranta, in da hali a tura ki ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ko Babban Asibitin Ƙasa. Haka wanda tafin hannunsa ke zuba kullum, da jarrabawa da babu, nasa wani lamari ne daban da likita ke dubawa. Kar kuma wani ya karɓi ƙwayar rage bugun zuciya a hannun aboki, ga mai asma tana iya zama ajali.

A zama na biyu tambayar Yamane ba ta ma fito ba, wata aka yi kan bambancin zaɓen samfuri na rukuni-rukuni da na gungu. Hannuna ya jiƙe kamar wancan karon, na goge a wando na ci gaba da rubutu. Na ci 67. Yanzu saura kwana goma sha tara a fara, handawut ɗina na farko yana ƙarƙashin katifa, kuma a zubin da na yi yau da asuba biyar na kawo cikin goma sha uku.